Ƙarin Wata Uku ga Dogo

Takardu biyu jami'ar ma'aikata ta ajiye a gaban shugaban sito. Ɗaya ta tabbatar da ma'aikaci ce, ɗaya ta ƙara masa wa'adin gwaji.

"Gobe Dogo ke cika wata shida," ta ce. "A kwantiraginsa, in wa'adin ya wuce ba mu ba shi komai a rubuce ba, ya tabbata ke nan. Wacce zan buga?"

Shugaban sito ya dubi takardun. Shekararsa goma sha bakwai a wannan ma'ajiyar magunguna, kuma ba shi da aboki a cikinta. Ba mugu ba ne, shiru ne ya yi masa yawa, mutane suka gaji da gaisuwar da ba ta wuce "lafiya" suka bar shi. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a nesa. Da rana yana cin abinci a kan kwali a bayan kanta ta huɗu, inda fanka ba ta kaiwa.

Dogo ne ya fara jawo wani kwalin ya zauna kusa da shi. Magidanci ne da furfura, masana'antar da ya yi wa aiki ta rufe, ya dawo sabon ma'aikaci a sito. Tun ranar farko ya ce, "Yaya, wannan cin abinci kamar ɓarawo fa? Matsa." Daga nan kullum tare suke. Dogo ya yi ta zuba, labarin surukarsa, labarin haƙorin da ya ƙi fita, shugaban sito kuwa har ya koyi dariya da sauti.

Sai dai aikin Dogo da gyara. Dokar sito ita ce maganin da ya fi kusa da ƙarewar wa'adi shi ake fara fitarwa, Dogo kuwa kwalin da ya fi kusa da hannunsa yake ɗauka. Zafin firij ana rubuta shi safe da yamma, shi yakan manta na yamma. Sau biyar ya rubuta lambar rukunin magani ba daidai ba a takardar fitar da kaya. Shugaban sito yana ganin duk wannan. In Dogo ya juya baya sai ya sake jera kwalaye, ya duba firij da kansa, ya gyara lamba, ya rubuta kuskuren a ɗan littafinsa ya jefa a aljihu. A ransa yana kiran wannan rufin asiri, amma tsoro ne: kada ya yi gyara a daina zama da shi.

Yanzu ya ciro littafin ya miƙa wa jami'ar. Ta karanta shafi uku ta ɗago kai.

"Ka taɓa gaya masa?"

"A'a."

"Zaman bita na wata uku fa? Fom ɗin babu komai a fayil."

"Mun… muna magana kullum."

"Kuna hira dai. Malam, mutumin da ke fitar da magani haka ba zan buga masa tabbatarwa ba, sai in kai ka sa hannu cewa ya iya. Kuma ba zan sallami wanda ba a taɓa gaya wa laifinsa ba. Ya iya?"

Da ya ce eh, da magana ta ƙare, gobe a ci abinci kamar kullum. Ya tuna watan da zai tafi hutu, babu mai bin bayan Dogo yana jera kwalaye, maganin da ya kwana a firij mai zafi ya tafi asibiti.

"Bai iya ba tukuna," ya ce. "Zai iya."

Suka rubuta wasiƙar ƙarin wa'adin tare. Ya fara da "ana buƙatar ƙarin himma", ta goge. "Himma nawa? Da me za ka auna? Rubuta abin da zai san ya yi ko bai yi ba." A ƙarshe ya roƙi a ƙara layi ɗaya, ta dube shi sosai kafin ta buga.

Washegari da hantsi aka kira Dogo ofis. Ya shigo da rigar da aka goge sosai, yana murmushi.

"Yaya, yau fuskarka kamar wanda aka aika ta'aziyya."

Shugaban sito ya karanta da kansa, muryarsa a bushe. An ƙara wa'adin gwaji da wata uku, ga ranar da zai ƙare. Dalili: fitar da kaya ba bisa wa'adi ba, giɓi a takardar firij, kurakuran lambar rukuni, kowanne da kwanan wata. Abin da ake so a cikin wata ukun: kowane kaya ya fita bisa wa'adin da ya fi kusa, za a duba takarda goma kowane mako, takardar firij ta cika safe da yamma babu giɓi, a wata biyu na ƙarshe kada a sami kuskuren lamba ko ɗaya. Za a ba shi horo na kwana biyu, kuma zai zauna da shugabansa kowace Litinin. In ya cika, za a tabbatar da shi a rubuce. In bai cika ba, ana iya sallamarsa bisa sharuɗɗan kwantiragi. Sauran sharuɗɗan aikinsa suna nan yadda suke. Sai layin ƙarshe: ba a sanar da ma'aikacin waɗannan kurakurai a kan lokaci ba, kuma wannan gazawar shugabansa ce.

Dogo ya karɓi takardar ya bi kwanakin da yatsa.

"Wannan tun watana na farko ne."

"Haka ne."

"Ranar nan ba ita ce na ba ka labarin haƙori ba? Kana dariya, abin yana aljihunka?"

Shugaban sito ya sunkuyar da kai.

"Na gaya wa iyalina yau zan zo da takarda." Dogo ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "To ga takarda."

Jami'ar ta nuna masa layi. "Sa hannun na shaidar ka karɓa ne, ba wai ka yarda da komai ba. In kana da ja, rubuto mini, zan sa a fayil."

Ya sa hannu, ya ninke kwafinsa. "Na gode, Yallaɓai," ya ce, ya fita.

Ranar nan da direbobi ya ci abinci a bakin ƙofa. Shugaban sito yana jiyo dariyarsu daga bayan kanta ta huɗu. Mutum ya yi shiru wata shida don kada ya rasa aboki, ga shi ya rasa, kuma ya kusa jawo wa abokin rasa aiki.

Litinin ƙarfe goma Dogo ya shigo da biro da takarda, ya tsaya sai da aka ce ya zauna. Shugaban sito ya shimfiɗa takardun fitar da kaya na safiyar. Biyu daidai suke. Ta ukun ya ajiye a tsakaninsu, ya tilasta wa kansa yin magana.

"Wannan ba daidai ba ne. Akwai rukunin da zai ƙare kafin wanda ka ɗauka, yana bayan kanta."

Dogo ya duba, ya rubuta. Bai ɗago kai ba.

"Sai me kuma, Yallaɓai?"

"Shi ke nan na yau."

Dogo ya tashi ya tafi sauke kwalin. Shugaban sito ya cike fom ɗin bita, ya sa kwanan wata, ya kai wa jami'ar da hannunsa.