Babur Ɗin Malam Maharazu

Dogo manomin shinkafa ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, kuma mutum ne da ya yarda da idonsa fiye da takarda. A shekarar da ɗansa Suhaibu yake rubuta jarrabawar gama sakandare, an ba yaran jadawali, an ce takardar safe ƙarfe tara ake farawa. Dogo ya ji, bai ɗauka da muhimmanci ba, domin ya samo nasa agogon.

Gonarsa tana bakin hanyar kanal. Kullum ta nan Malam Maharazu, wanda aka turo ya kula da jarrabawar, yake wucewa a kan babur da jakar tambayoyi ɗaure a baya. Yawanci sai rana ta ɗaga yake wucewa, saboda ana ɓata masa lokaci a inda yake karɓo jakar. Dogo ya yi lissafinsa: ba jaka, ba jarrabawa. Sai ya riƙa tsare Suhaibu a gona har babur ɗin ya gifta, sannan ya ce ya ɗauraye ƙafa ya bi bayansa. An yi haka sau da yawa ba abin da ya faru. Wannan ne ya ƙara masa taurin kai.

Ranar Lissafi ta faɗo ranar da aka sako wa ɓangarensu ruwa. Ga irin shinkafa yana jiran dashe, ga maƙwabta kowa yana jan ruwa zuwa nasa. Tun da asuba Suhaibu ya tuna masa cewa in babu Lissafi babu makarantar gaba da za ta ɗauke shi. Dogo ya ce ya sani, Suhaibu dai ya riƙe fartanya ya gyara kunya, ai Malam bai wuce ba.

Rana ta yi sama. Suhaibu ya sake magana, uban ya ce ya cika gaggawa kamar uwarsa. Suna nan sai ga Iliyasu ɗan acaɓa, ya tsaya yana musu dariya.

"Dogo, yau kai ne ka ba ɗan boko hutu? Ai an daɗe da shiga. An haƙa kwalbatin gaba, Malam ta titi ya bi."

Dogo ya yar da fartanya. Su biyu suka hau bayan Iliyasu, Suhaibu da taɓo har gwiwa, biro da katin shaida a aljihu.

A ƙofar zauren jarrabawa suka tarar da ɗan sanda a kan benci. Ya hana su shiga, ya aika aka kira Malam Maharazu. Malam ya fito, ya dubi agogon hannunsa, ya ce an fi minti arba'in da farawa. Ya yi wa Dogo bayani cikin ladabi, amma bai sassauta ba. Wanda ya makara ana barinsa ya shiga cikin rabin awar farko, ba a kuma ƙara masa ko minti ɗaya a ƙarshe. Yau ma akwai yarinyar da ta shigo a makare, tana ciki tana rubutu. Amma in rabin awa ta cika an rufe, domin tambayoyin da aka raba suka daɗe a hannun mutane ba wanda zai rantse ba su tsallaka taga ba.

Dogo ya cire hula. Ya ce laifinsa ne, yaron tun asuba yake so ya taho. Ya ce su a gona in mutum ya rasa ruwansa, maƙwabci yakan buɗe masa nasa. Ya kira shugaban makarantar, wanda suke sallah masallaci ɗaya, shi kuwa ya ce yau zauren ba a hannunsa yake ba. Daga nan Dogo ya juya ga faɗa, ya ce shi Malam sau nawa ya makara aka jira shi.

"Gaskiya ne, Baba," in ji Malam Maharazu. "In na makara, duka yaran tare suke jira, tare suke farawa. Shi kuwa ya zo bayan an daɗe da buɗe tambayoyi."

Ya ce za a sa wa Suhaibu alamar bai zo ba a Lissafi kaɗai, ya ci gaba da zuwa sauran takardunsa. Lissafin sai ya nemi jarrabawar Nuwamba. Ya koma ciki, ya ja ƙofa.

Suhaibu bai yi kuka ba. Ya tsaya yana jin abokansa suna tari suna juya takarda ta cikin taga, har ɗan sandan ya ce ya matsa daga nan. Dogo ya ce ya hau babur su koma, Iliyasu yana jira.

"Ku je, Baba," in ji Suhaibu. "Gobe da safe akwai Tarihi. Gidan Kawu Ibrahimu zan kwana, yana bayan makaranta."

Dogo ya buɗe baki zai ce dashen fa, sai ya rufe. Shi kaɗai ya hau babur.