Jan San Alhaji Haladu

Tun kafin a haifi Zulkifli, mahaifinsa Alhaji Haladu yake haɗa abincin dabbobi a Birnin Kudu: dusar masara da ƙuli-ƙuli da kowar wake da 'yar kanwa. Ba shi da allo a ƙofar injinsa. Hoton wani jan sa ne kawai a jikin buhunsa, wanda mai zanen ya yi wa ƙaho ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Daga Kangire har Fagam, mai kiwon turke ba ya cewa a ba shi dusa, cewa yake a ba shi Jan Sa. Ba a kwance bakin buhun a duba. Abin da Alhaji ya mallaka ke nan, ya fi injin daraja.

Da ciwon gwiwa ya zaunar da shi, sai Zulkifli ya karɓi wurin. Yaro ne mai takardar digiri da takalmi mai tsini, ba ya sha, ba ya caca, kuma bai rage ko kwano ɗaya na ƙuli-ƙuli a haɗin ba. Ciwonsa ɗaya, yana jin kunyar san nan. Ya ce abokansa na Kano suna yi masa dariya, wai buhun ya yi kama da na ƙauye. To ai mutanen ƙauye ne ke saye, amma ba wanda ya tuna masa. Ya haɗa farkon sunan ubansa da nasa, ya sa aka buga farin buhu mai sheƙi da koren ganye, aka rubuta Hazul Agro.

Sannan ya zauna ya tsara wasiƙa zuwa ga tsofaffin dillalansu. Ta fara da sallama da godiya, ta ce daga wata mai kamawa Jan Sa ya zama Hazul Agro, ta rufe da cewa: "Muna tabbatar muku suna ne kawai ya sauya. Inganci yana nan yadda kuka san shi." Ya karanta wa Alhaji a zaure. Tsohon ya ce da zai fi kyau a je a gaya wa mutane baki da baki. Zulkifli ya ce yanzu ba a haka. Alhaji ya ƙyale shi, don ɗansa ya yi makaranta shi bai yi ba, kuma a nan Alhaji ya yi laifi. Direban a-kori-kura ya raba takardun tare da kaya.

Saura tsofaffin buhuna da ba a zuba wa komai ba, ɗauri-ɗauri har rufin sito. Zulkifli ya ce suna cin wuri. Ya kira Hadi mai sayar da buhu a kasuwa, ya kwashe su a arha. Ranar Zulkifli har yabon kansa ya yi, wai ya mai da shara kuɗi.

A garin Sara, babbar dillaliyarsu Hajiya Ummussalma ce, bazawara mai turke raguna don layya, tana kuma sayar wa makiyaya da buhu da kwano. Ta iya karatu. Ta karanta wasiƙar sau biyu, ta tambayi direban wa ya ce ingancin ya sauya da har ake rantse mata. Tun da take saye, Alhaji bai taɓa gaya mata kayansa na da kyau ba. In zai ƙara farashi ma da kansa yake zuwa, ya sha ruwa a zaurenta, ya tambayi lafiyar 'ya'ya, sannan ya faɗa. Yau an cire sansa daga buhu, an aiko mata da takarda a hannun direba.

Makiyayan kuwa ba wanda ya rubuta musu komai. Suka zo, suka ga farin buhu, suka juya shi gaba da baya suna neman sa, suka ajiye.

Ba a yi nisa ba Jan Sa ya dawo kasuwar Sara a bayan wata mota, ƙaho ɗaya ya fi ɗaya tsawo kamar kullum. Mai motar ya ce tsoho ya ɓata da ɗansa, yaro ya kama nasa, tsoho yana nan yana nasa a ɓoye. Labarin ya yi wa kowa daɗi, don mutane sun fi son jin uba da ɗa sun rabu da jin komai lafiya. Hajiya Ummussalma da ta tsaya tana tuhumar takarda ba ta tuhumi buhu ba. Ta tura fararen lungu, ta cika sitonta da ja, ta rantse wa makiyayanta cewa wannan ne na gaske.

Abin da ke cikin jan buhun ɓuntun shinkafa ne aka niƙa, aka yayyafa masa dusa, aka ƙara yashi don nauyi. Raguna suka ci, ciki ya kumbura, baya ya ƙi cikowa. Ana saura kwanaki Sallah, nata suna nan kamar an ƙwato su daga rani, na wasu suna zawo. A Fagam aka fara cewa Alhaji Haladu ya tsufa ya lalace.

Ta ɗauko buhu ɗaya a mota har Birnin Kudu, ta sa aka dire shi a gaban tabarmar Alhaji. Ba ta tsawaita gaisuwa ba.

"Alhaji, naka ne ko ba naka ba?"

Ya zura hannu, ya murza, ya sa a harshe. Yashi ya yi ƙara a haƙorinsa.

"Buhun nawa ne, Hajiya."

Aka kira Zulkifli. Ya ce ai ya rubuta, a sakin layi na biyu, cewa an daina amfani da tsohon tambari. Hajiya ta ce raguna ba su kai sakin layi na biyu ba. Alhaji ya tambaye shi ina tsofaffin buhunan, ya faɗa. Aka nemi Hadi, ya ce shi buhu yake sayarwa, ba ya tambayar me za a zuba, kuma sun watsu hannu-hannu har Gwaram. Ba ƙarya ya yi ba. Zulkifli ya ce zai rubuta wata wasiƙar, mai zafi, ta gargaɗi.

"Ajiye biron nan," in ji Alhaji. "Je ka tayar da mota."

Ranar kasuwar Sara aka ɗora Alhaji a bayan a-kori-kura a kan kujerar roba, farin buhu a damansa, ja a hagunsa. Mutane suka taru, don da yawa sun ɗauka ba ya iya fita. Ya sa aka farka duka biyun, ya ce kowa ya sa hannu. Makiyaya suka murza farin, suka shinshina, suka ce wannan ne. Wani dattijo ya tambaya, to sa fa, yaushe zai dawo?

Alhaji ya daɗe yana kallon buhun hagu. Ba zai iya dawo da san ba, don ba wanda zai bambance nasa da na ɓarayi, kuma ba wanda ya san iyakar buhunan da ke yawo.

"Ba zai dawo ba," ya ce. "Duk inda kuka ga jan sa daga yau, ba nawa ba ne. Kada ku saya. Ku gaya wa na Fagam."

Haka ya yi ta maimaitawa har la'asar, muryarsa ta dishe. Zulkifli yana tsaye a gindin mota, rungume da ragowar wasiƙunsa, yana miƙa wa duk wanda ya wuce. Wata mai ƙosai ta karɓi guda biyar.

Kaya sun ci gaba da fita, ba kamar da ba. Yanzu ana kwance bakin kowane buhu a duba kafin a ɗauka. Ba mai cewa Hazul Agro, cewa ake farin buhun ɗan Alhaji. A kasuwar Sara kuwa, in aka cuci mutum a awo, sai a ce an yi masa jan sa, wani lokaci a gaban Alhaji Haladu.