Sunan Sabulun Alhaji Ajimi

Alhaji Ajimi ya daki tebur har samfurin takardar naɗe sabon sabulunsa ya faɗi ƙasa. Gobe za a kai shi wurin masu ɗab'i a Kano, ga Dzarma akawunsa yana cewa a dakata.

"Ban tara ma'aikata na tambaye su ba? Barebari, Shuwa, Babur, Margi, kowa ya ce sunan ya yi."

"A gabanka ka tambaye su, Alhaji. Wa zai ce sunan batsa ne a gaban maigidansa? Salomi, 'yar Babur ɗin nan ta cikinsu, ƙasa ta duba."

Ran Alhaji ya ƙara ɓaci, don shi ya ƙago sunan da kansa. Ya ja Dzarma kasuwar Gamboru don ya kunyata shi, ya sa shi ya gwada sunan a kan jama'a, shi kuma ya laɓe bayan wata rumfa.

Dzarma bai nuna wa kowa rubutu ba, da baki ya faɗi sunan yadda mai saye zai faɗa. Matan Barebari suka ce babu laifi, mai man shanu 'yar Shuwa ma haka. Da ya faɗa wa wata tsohuwa Babur 'yar Biu mai daddawa, sai ta miƙe.

"Kai ɗan gidan waye? Ni sa'ar uwarka kake gaya wa wannan?"

Ta jefe shi da faifai.

Da suka koma ofis a unguwar Bolori, Alhaji ya juyo wurin Dzarma.

"Yaga takardar nan," ya ce yana huci. "Sabon sunan kuma, kada a kuskura a tambayi kowa a gabana."