Ɗari Biyar a Bakin Ƙofa

Sati uku Ikilima Ladan ta yi tana zarya ofishin kwamitin kasuwa, matan layin tumatir na biye da ita, kan naira ɗari biyar da aka ɗora wa kowane kwando. Abin ya ci mata rai. Kwandon dubu goma, ribar da ke ciki ba ta taka kara ta karya ba, ga shi ta gwada ƙara ɗari biyar ɗin a kan farashi masu saye sun ƙi. Da ƙyar suka yarda da ƙarin ɗari ɗaya. Dubu tara da ɗari shida ke shiga jakarta, kuma a haka sai dai ta bar sana'ar da ta gada wurin uwarta.

Buƙatarta ɗaya ce: a daina karɓa a hannun mai sayarwa, a riƙa karɓa wurin mai saye a bakin ƙofa. Ranar da ta samu ganinsa, shugaban kwamitin ya amince da saurin da ya kamata ya sa ta zargi wani abu. Ita kuwa har guɗa aka yi mata a layi.

Washegari Nkechi, wadda ke saro wa gidajen abinci na Abuja kaya, ta duba kwando ta taya dubu tara da ɗari shida.

Ikilima ta ce jiya-jiyan nan dubu goma da ɗari ɗaya ta biya, yau kuma me ya sauya?

"Hajiya, ɗari biyar na jira na a ƙofa. Haɗa ki gani, kuɗin jiya ne," in ji Nkechi. "In bai yi miki ba, ga mota can, kasuwar Diko ba nisa. Tumatir ɗinki ne ba zai kai jibi ba."

Wannan rainin hankali da me ya yi kama? Sati uku na rana da ƙura, ashe hannun da ke miƙa kuɗin kawai aka sauya. Mai saye tana da kasuwar Diko, tana da ta Gawu. Ikilima ba ta da ko'ina, sai kwanduna takwas da suka fara zubar da ruwa. Ta rantse ba za ta sayar ba. Da la'asar ta sayar, matan da suka yi mata guɗa suna kallo.

A hanyar fita ta tsaya sayen gawayi wurin Haruna, don gas ya fi ƙarfin gidanta. Farashin buhu ya ƙaru da ɗari biyar cif, daidai harajin da aka ɗora wa masu gawayi. Ta ce ai shi aka ɗora wa harajin, ba ita ba.

"Haka ne, Yaya," ya ce. "Amma gawayi ba ya ruɓa, ni kuma ba na sauri. Za ki yi girki yau ko kuwa?"

Yara biyar na jiran tuwo a gida. Ta zaro kuɗin tumatir ɗin, ta biya harajin Haruna ma.