Kwana Goma Sha Biyar na Malam Uwaisu

Ranar da Malam Uwaisu zai tashi daga shagon ƙofar gidanmu, ni aka ba biro, wai ni ce na gama sakandare. Malamin firamare ne, an mai da shi Tsanyawa, akori-kura ma na jiran kayansa.

Inna, mahaifiyata, na zaune a soro da mayafi. Kawu Tasi'u, ƙanin marigayi Babanmu, na gefe, shi ne shaida ranar da aka ba da hayar.

Malam ya faɗa na rubuta. Haya dubu shida duk wata, ya biya na Yuni, yau sha biyar, za a mayar masa da dubu uku kenan. Kuɗin ajiya da ya bayar saboda ɓarna dubu goma, kuma bai fasa komai ba. A cire kasonsa na wuta, wata biyu, dubu uku, da bashin ruwan burtsatse dubu ɗaya. Na samu dubu tara.

Inna ta ce ba ta gane zancen dubu ukun ba.

"Malam, ranar da watan Rajab ya tsaya ka shigo. Gobe ko jibi sabon wata zai tsaya. Wane rabi ya rage?"

Malam ya ce shi ɗaya ga Janairu ya shigo, kuma da watan albashi yake biya. Na ƙirga. Sau goma sha takwas ya biya. A kalanda ya zauna wata sha bakwai da rabi, a lissafin Inna sha takwas cif. Na sake ƙirgawa, kowa dai daidai.

Aka juya ga Kawu. Ya sosa ƙeya ya ce shi abin da ya ji ranar kawai "duk wata", kuma ɗaya ga Rajab da ɗaya ga Janairu rana ɗaya ce ai, wa zai tambaya?

Ni na san abin da ke damun Inna. Kuɗin ajiyar tun bara muka cinye. Abin da za a biya da shi geron irinmu ne, kwano shida, ga ruwa ya sauka. Kwano dubu ɗaya da ɗari biyar. Lissafin Malam ya kwashe shi tas, na Inna ya bar mana biyu.

"Maijidda, me takarda ta ce?" in ji Kawu.

Na sunkuyar da kai na ce magana biyu ta ce.

Direba ya yi ta danna ham. Malam ya ga buhun da ƙullin da Inna ke wa iri, sannan ya ce a auna masa huɗu, biyun ya biyo mu bashi. Inna ta ce ita ba ta yarda bashi ne ba, amma yaushe zai zo karɓa, a wane watan?

"In an yi kaka, Inna."

Na auna huɗu. Har motar ta tashi ban san abin da zan rubuta a kan biyun ba.