Shirun Gwaggo

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, barguna da labule take sayarwa a kasuwa. Ita ta ga mutanen da ke goge kwanan watan maganin yara a sito suna buga sabo. Ni kuma 'yar jarida ce a gidan rediyo, mai rawar kai, sai na nace mata sai ta faɗa wa duniya. Sati biyu ina lallashi kafin ta amince, da sharaɗin kada wanda ya gane ita ce. Mutanen nan ba sa wasa. Ɗan dakon da ya taɓa yin maganar har yau da sanda yake tafiya.

Zuwa gidan rediyo kuwa ta ce ko kusa, ana lura da wanda ya rufe rumfa da rana. Gida ma mijinta ba zai yarda ba. Dole a rumfar za a yi, ni a matsayin 'yar da ta kawo wa gwaggonta abinci.

Makirfona irin ƙaramar nan ce ta maƙalawa a wuya, mai araha, wadda ba ta zaɓen abin da za ta ji. Maganinta kusanci. Na kai Gwaggo can ƙuryar rumfa tsakanin tarin barguna, domin suna shanye ƙara, na sa ta juya wa hanya baya, na saki labule mai kauri. Na maƙala makirfon kamar taki ɗaya daga bakinta, da sosonta na tare iska a kai, na gyara mayafin don kada ya riƙa gogarta. Wayar da zan ɗauki muryar da ita ma na rufe layinta kada kira ya katse mu. Ina ta leƙen labule, Gwaggo ta ce da ta san matsoraciya ce za ta ɗauki muryarta da ba ta ɓata bakinta ba.

Na sa abin ji a kunne. Muryarta ta fito tas, kasuwar ta koma can nesa kamar ruwan sama a kwanon maƙwabta. Ta yi bayani tiryan-tiryan. Da ta zo kan jaririyar wata mai sayen kayanta, wadda aka ba maganin, sai ta dakata. Ta yi shiru na daƙiƙa tara, sannan ta ce, “Ba ta kai gida ba.”

Kafin in tafi na saurari abin da na ɗauka, ban ji wani abin da zai tona ta ba. To ina zan ji, alhali hayaniyar kasuwar tana ratsa abin kunnen nawa mai arha tana danne duk wani ƙaramin sauti?

Washegari na isa aiki a makare. Na kaurara muryar har ta koma ta namiji, ina tsallakawa daga jimla zuwa jimla, ina yanke duk kalmar da za ta tona ta. Shirun nan ban taɓa shi ba, ban ma saurare shi ba. Shugabana ya ce a bar shi, shi ne zai taɓa zuciyar mutane, ni ma har da jin kaina.

Ƙarfe goma sha biyu na rana aka sa shirin. Ina zaune a ɗakin watsa shiri da babban abin ji a kunne, a karon farko cikin wuri marar motsi. Muryar na tafiya lafiya lau, sai aka zo shirun. Nan na gane kuskurena. Ashe lokacin ɗaukar na bar wayar tana daidaita ƙarfin ɗauka da kanta, ban kashe wannan ba. Muddin Gwaggo na magana tana rage ji. Da ta yi shiru, sai wayar ta buɗe kunne tana neman abin ɗauka. Kasuwar ta taso a hankali. A cikinta kuma, kusa ƙwarai, ga ƙarar injin yanka makulli, sau biyu, da tarin mai shi. Sauya muryar ya kaurara su, amma bai ɓoye su ba. Mai yanka makulli ɗaya ne a duk kasuwar, kuma katako ɗaya ne tsakaninsa da bargunan Gwaggo.

Na ɗaga wa mai kula da na'urorin watsa shirin hannu, amma kafin ya fahimta muryar ta riga ta dawo. Tsoro irin wanda ban taɓa ji ba ya kama ni. Kusan kowace rumfa a layin nan da rediyo a kunne a wannan lokaci.

Na fita da gudu na kira ta. Sai da wayar ta yi ƙara sau biyar sannan ta ɗauka. Ba na jin ciniki a bayanta, ba na jin inji.

“Gwaggo, ki fito yanzu, ki bar kayan, ga ni nan zuwa.”

“Kada ki zo,” ta ce da raɗa. “Mai makulli ya kashe injinsa ya shige ciki. Mutum biyu na tsaye a bakin rumfata, 'yar nan, kuma ba bargo suke kallo ba.”