Sanyin Suruki

Tela ya yarda yana da ciwon suga, ya yarda da allurar insulin safe da yamma, amma tukunyar da ke ƙarƙashin tagar ɗakinsa ce ya kasa yafe wa.

Matarsa ce ta haɗa ta yadda nas ta koya mata, tunda ba su da firji: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Kwalbar maganin tana ciki a roba mai murfi, don kada ruwa ya taɓa ta. Kullum sai ta jiƙa yashin, iska tana busar da shi, ciki yana sanyi. Tela ya ce shi bai taɓa ganin magani mai son gata haka ba, ana shayar da shi kamar shuka.

Ana tsakiyar zafi mijin 'yarsu ya zo gaisuwa. Mai Ƙanƙara ake ce masa, yana da firiza a shagonsa da janareta, kuma ba ya bari a manta da hakan. Da ya ga tukunyar sai ya riƙe baki. Ya ce yana raye ba za a ajiye maganin Baba a yashi ba. Daga ranar kwalbar ta koma shagonsa, shi yake kawo ta lokacin allura a aljihu, ya mayar. Matar Tela ta so magana, kunyar suruki ta hana. Tela kuwa har a nasa shagon yake ba da labari, wai maganinsa yanzu da janareta yake kwana.

Ba a jima ba ƙishirwa ta saka shi gaba. Ya sha ruwa, ya zaga bayi, ya dawo ya sha. Wannan duk bai dame shi ba. Abin da ya tsorata shi ramin allurar keken ɗinkinsa ne. Ya lashi zare, ya saita, zaren ya wuce ta gefe. Ya goge tabarau, ya zagi mai sayar da allura, ya zagi zaren. A ransa dai ya san idonsa ne ke hazo, kuma tela marar ido ba tela ba ne. Bai gaya wa kowa ba, sai faɗa da ya ƙaru a gida.

Wata safiya da surukin ya kawo kwalbar, matar ta fizge ta daga hannunsa. Irin insulin ɗin nan ne mai fari-fari, wanda idan an murza shi a hankali tsakanin tafukan hannu yake haɗewa kamar madara. Ta murza, ta ɗaga ta wajen taga. Bai haɗu ba. Gudaji ne ke yawo a ciki, wani farin abu kuma ya manne a jikin gilashin.

"Yarona," ta ce wa surukin, "a ina kake sa ta?"

"A can ƙasa, Mama, tsakanin ƙanƙara," ya amsa yana murmushi. "Har daskarewa take yi. Kafin in iso ta narke."

A asibiti aka auna sugan Tela, aka ga ya yi sama. Nas ta duba kwalbar, ta jefa ta a kwandon shara ba ko sallama. Ta ce zafi yana kashe insulin, daskarewa ma haka, kuma narkewa ba ta dawo da shi. Mai fari idan ya yi gudaji ya tashi aiki, mai garau kamar ruwa kuma idan ya yi duhu-duhu shi ma haka. Wani ma yakan lalace ido bai gani ba, don haka kwalbar da aka buɗe kada ta wuce wata guda. Tela ya tambaya a hankali ko idon zai dawo. Ta ce hazon suga yakan washe idan sugan ya sauka, amma sai an duba idon.

Suka dawo da sabuwar kwalba. A ƙarƙashin taga suka tarar kyanwa ta maida yashin wurin biyan buƙatarta. Tela da kansa ya wanke tukunyar, ya zuba sabon yashi, yana mita ƙasa-ƙasa.

Bayan 'yan makonni Mai Ƙanƙara ya leƙo shago, kai a sunkuye, yana neman gafara. Ya ce ya gyara wani lungu a firizar, can sama, inda sanyin bai kai na ƙasa ba.

Tela bai ɗago ba. Ya lashi zare, ya saita, zaren ya shige ramin allura karo ɗaya. Daɗi ya kama shi, ya yi gyaran murya.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Je ka, kada ƙanƙararka ta narke. Ni ma zan rufe, ban shayar da tukunyata ba."